Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Mai Girma Gwamnan Jihar Kebbi, Dokta Nasir Idris, Kauran Gwandu, A Kan Ladan Ƙarin Darasi

 

Ranka ya daɗe, na rubuto ne daga ƙasar Yauri a kan wata mas'ala wadda ƙarama ce a idon wanda bai taɓa riƙe alli ba, amma kai da ka fito daga cikin malaman makaranta, har ka shugabanci ƙungiyarsu ta ƙasa baki ɗaya kafin jama'a su miƙa maka ragamar wannan jiha a watan Mayun 2023, ba ka bukatar a yi maka dogon sharhi kafin ka gane nauyinta. Mas'alar ita ce ta ƙarin darasin da malami ke yi a kan wanda aka yanka masa, wanda yara da iyayensu ke kira lesin, da yadda ya kamata a ƙayyade ladansa bisa kowane darasi, a haɗa shi da albashin wata, ya fito daga baitulmali, maimakon a bar shi yana yawo tsakanin aljihun iyaye da teburin shugaban makaranta ba tare da haddi ko rubutu ba.

Asalin lamarin kuwa sananne ne ga duk wanda ya zaga makarantun sakandare na Yauri da Ngaski da Shanga. Tun da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya mamaye gungu da dama ya kuma tayar da garuruwa, jama'ar wannan yanki suka warwatsu a gefen tafki da bakin Kwara, wasu wuraren ba a isa gare su sai da jirgin ruwa, wasu kuma sai an sha baƙar hanya, musamman da damina. Malamin da ya ƙware a lissafi ko kimiyya ko Turanci, idan aka tura shi irin waɗannan wurare, da wuya ya yi shekara bai fara neman a mayar da shi Yelwa ko Birnin Kebbi ba, kuma ba za a zarge shi ba, domin yana da iyali. Abin da ke biyo baya shi ne, wanda ya haƙura ya zauna, shi ake jibga wa azuzuwan da ba su da mai koyarwa, ya shiga wannan ya fita ya faɗa wancan tun daga taron safe har tashi, alhali takardar albashinsa ba ta bambanta da ta abokin aikinsa na birni wanda darussansa ba su kai rabin nasa ba. Abin kunya ne a ce ƙasar da ta haifi Farfesa Mahdi Adamu na Ngaski, wadda kuma Sarkinta, Mai Martaba Dokta Muhammad Zayyanu Abdullahi, masanin lissafi ne, su biyun kuma duk sun shugabanci jami'ar Sakkwato, a wayi gari 'ya'yanta suna shiga jarrabawar WAEC da NECO ba su gama manhajar lissafi ba.

Kamar yadda ba a barin kura da tsaron akuya, haka ba a barin bukata babu mafita, sai makarantu suka ƙirƙiro tasu dabarar, wato a yanka wa kowane ɗalibi wani abu a wata, a tara, a sallami malamin da ya tsaya bayan tashi. Bari in kawo misali da lissafi na ƙaddarawa, don a ga inda gizo ke saƙar. A ɗauka aji ne mai ɗalibai 60, aka ce kowa ya kawo naira 500 a wata, abin da zai kama naira 30,000 idan kowa ya biya. To amma ɗan masunci ba ya samun kuɗi sai kamu ya yi kyau, ɗan manomin albasa ko shinkafa kuwa sai an kai amfani kasuwa, saboda haka watakila 35 ne za su kawo, a tashi da naira 17,500, daga ciki kuma a cire na alli da na wanda ya yi wahalar tarawa. Malamin bai san abin da zai samu ba sai ranar da aka miƙa masa, iyaye ba su san darasi nawa suka saya ba, yara 25 da ba su biya ba kuwa ko dai a tsayar da su a bakin ƙofa suna leƙe ta taga, ko a bar su su shiga suna sunkuyar da kai duk lokacin da monita ya tashi karanta sunayen masu bashi. Wannan tsari ya zalunci kowa a lokaci guda, kuma ya mai da malami mai karɓar haraji a gaban yaran da ya kamata su riƙa ganin kwarjininsa.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da warware irin wannan a babin ijara, inda suka shar'anta cewa lalle ne aikin ya zama sananne, ladan ma ya zama sananne, domin jahiltar ɗayansu garari ne mai ɓata ƙulli. Mazhabar Malikiyya da muke bi ta halatta karɓar lada a kan koyarwa, har Muhammad ɗan Sahnun na Ƙairawan, wanda ya rasu a shekara ta 256 bayan Hijira, ya wallafa littafi sukutum a kan ladubban masu koyarwa, ya yi magana a ciki a kan abin da malami zai karɓa da abin da ya wajaba a kansa na daidaita yara, ɗan mawadaci da ɗan matalauci. Ko kuɗin Laraba da iyayenmu suka saba kai wa malamin allo yana da ranarsa da aka sani. Saboda haka abin da nake roƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu, ƙa'ida ce da muka gada, sai dai a zuba ta a cikin takardun ma'aikatar ilimi.

Mataki na farko shi ne a yanke haddin aikin da albashi ya riga ya biya, domin ba a san ƙari ba sai an san asali. Darasi ɗaya a sakandarenmu minti 40 ne a galibi. Idan ma'aikata ta zauna da ƙungiyar malamai suka daidaita a kan cewa, a misali, darasi 24 a mako shi ne nauyin malamin aji, tare da rangwame ga mataimakin shugaba da shugabannin sassa saboda aikin ofis, to duk abin da ya haura wannan a jadawalin da aka sa wa hannu ya zama ƙari. Wanda kuma bai cika haddinsa da safe ba, ba shi da hakkin ladan yamma, sai an fara cike masa gurbinsa. Wannan sharaɗi shi kaɗai zai toshe ƙofar wanda zai so ya yi darasi goma sha biyu a mako sannan ya nemi a biya shi na goma sha uku.

Mataki na biyu shi ne farashin darasi, kuma a nan ne ake yawan yin kuskure ba tare da an lura ba. A ɗauki malami mai albashin naira 90,000 a wata, shi ma a bisa ƙaddarawa. Mai gaggawa zai ce darasi 24 sau mako huɗu ya ba da 96, a raba albashin da wannan, darasi ya tashi a kan abin da bai kai naira 940 ba. Amma wannan lissafi ya manta cewa ana biyan malami wata goma sha biyu ne a kan koyarwar da ake yi a cikin zango uku kawai, domin sauran lokacin yana tafiya ne a kan jarrabawa da duba takardu da haɗa sakamako da hutun da aka shar'anta masa. Ingantaccen lissafi shi ne a ɗauki albashin shekara, wato naira 1,080,000, a raba da darussan da ake yi a haƙiƙa. Idan makonnin koyarwa 36 ne, sau 24, an sami darasi 864, kowane ɗaya kuma ya kama naira 1,250. Wannan shi ne abin da hukuma ke biya yanzu haka a kan kowane darasin wannan malami, ko ta lura ko ba ta lura ba, kuma babu hujjar da za ta sa darasi na ashirin da biyar ya fi na ashirin da huɗu araha, tun da shi ma sai an shirya shi da dare, an tsaya an koyar da shi, an kuma kwashi littattafai sittin an duba. Mudun da aka auna na farko da shi, da shi za a auna na ƙarshe. Fa'idar wannan hanya kuma ita ce farashin yana bin matakin albashi da kansa, ta yadda duk ranar da aka yi ƙari, irin wanda ka sa wa hannu a watan Oktoban 2024 da ya kai mafi ƙarancin albashi naira 75,000, ladan darasi zai motsa tare da shi, ba sai an sake zaman ciniki ba.

Yanzu a bi wannan malami zuwa ƙarshen wata. An ba shi aji ɗaya na babbar sakandare da ba shi da malamin lissafi, darasi 6 a mako, wato 24 a cikin mako huɗu, wanda ladansu ya kama naira 30,000 idan duk an yi su. Sai ga shi a wannan watan an yi hutun gwamnati rana ɗaya, ya ci darasi biyu, wata rana kuma ya kai ɗansa asibiti, darasi ɗaya ya wuce. Abin da aka yi a zahiri 21 ne, ladansu naira 26,250. A takardar albashinsa sai a ga layin albashi da 90,000, a ƙarƙashinsa wani layi dabam mai sunan ƙarin darasi, da adadin 21 da farashin 1,250 a rubuce, jimla naira 116,250 kafin a cire abin da doka ta ce a cire. Raba layukan nan biyu wajibi ne, domin idan aka cakuɗa su, malami ba zai iya gane an rage masa ba, mai binciken kuɗi ma ba zai iya gane an ƙara wa wani abin da bai yi ba.

Ya kamata kuma a bambanta nau'i biyu na ƙarin darasi. Akwai na dindindin, wanda ke cike gurbin malamin da babu shi tun daga farkon zango har ƙarshensa, wannan a rubuta shi a jadawali tun makon farko, ofishin ilimi na shiyya ya amince da shi kafin a fara. Akwai kuma na wucin gadi, kamar riƙe ajin malamar da ta tafi hutun haihuwa, ko bitar da ake yi wa 'yan ajin ƙarshe gab da jarrabawa, wannan a ware wa kowace makaranta adadin da ba za ta wuce ba a zango. Ƙasar Faransa ta daɗe a kan irin wannan rabo, inda nauyin galibin malaman sakandare yake awa 18 a mako, ana biyan ƙarin da aka ɗora wa malami na tsawon shekara da farashinsa, na lokaci-lokaci kuma da nasa, duka ta cikin albashi. Ban kawo wannan don a kwaikwayi adadinsu ba, sai don a ga cewa abu ne da hukuma ke iya gudanarwa a rubuce.

Ranka ya daɗe, ba zan ɓoye maka mafsadar da ke tattare da wannan tsari ba, domin wanda ya ba da shawara ya ɓoye aibinta ya ci amana. Babbar cikinsu ita ce malami ya riƙa jan ƙafa da safe don a bukace shi da yamma, ya taɓa babi sama-sama a darasin hukuma, ya ajiye gundarin bayani sai lokacin lesin. Gane wannan ba shi da wuya ga mai duba makarantu da ya san aikinsa. Ya karɓi littattafan rubutu na yara uku ko huɗu daga layin baya, ya buɗe su gefe da gefe da tsarin aikin zango da littafin da malami ke rubuta abin da ya koyar kowane mako. Idan ya tarar shafukan safe ba su da komai sai kanun babi da layi biyu, shafukan yamma kuwa cike da misalai da aikin gida da jan biro, to an mayar da asali ƙari. Maganinsa shi ne kada a ba malami ƙarin darasi a ajin da yake koyarwa da safe a kan fannin nan ɗaya, sai dai bitar jarrabawa, ita ma bayan shugaban sashe ya shaida cewa an kai inda manhaja ta ce a kai.

Ta biyu ita ce darasin da ba a yi ba sai a takarda. Rigakafinta rajista ce guda mai lambar shafi, wadda za a rubuta kwanan wata da aji da babin da aka karanta da adadin waɗanda suka halarta, malami ya sa hannu, monitan aji ya sa, mataimakin shugaba mai kula da karatu ya rufe shafin kowace Juma'a. Alamomin rajistar ƙarya sanannu ne: tawada iri ɗaya da hannu iri ɗaya daga farkon wata har ƙarshe, adadin yara bai taɓa canzawa ba ko ranar kasuwa, ga kuma darasi a ranar da kowa ya san an yi hutu. Idan aka ba kwamitin iyaye da malamai ikon duba wannan rajista sau ɗaya a wata, iyayen da aka ɗauke wa biyan kuɗi za su zama masu tsaron abin da hukuma ke biya domin 'ya'yansu.

Ta uku ita ce wuce gona da iri. Malami ɗan Adam ne, muryarsa da ƙafarsa suna da iyaka, kuma wanda talauci ya matsa zai karɓi darasi ashirin na ƙari idan an ba shi, ya ƙare yana rubutu a allo yana zaune. Ina ganin kada ƙarin mutum ɗaya ya wuce darasi 8 a mako. Akwai kuma iyaka a kan ita kanta makarantar, wadda lissafin da ya gabata ya nuna ta a fili: idan malamai huɗu suna ɗauke da ƙarin darasi shida-shida, an sami 24 a mako, kuɗinsu a makonni 36 ya kama naira 1,080,000, daidai da albashin malami guda na shekara. Da zarar ƙarin darasin fanni ɗaya ya kai nan a makaranta, hujja ta tsaya cewa sabon malami ake bukata, kuma rajistar nan ita ce za ta gaya wa ma'aikata inda za ta tura shi, ba sai ta jira koke ba.

Sai maganar lokaci, wadda a ƙasar Yauri ba a yi mata sakaci. Yaron da zai tsallaka ruwa ya koma gida ba a riƙe shi har iskar yamma ta taso, yarinya ma iyayenta ba za su lamunta ta kai magariba a hanya ba, ga kuma makarantar Islamiyya da ke jiran yawancinsu bayan la'asar. Tun sace ɗaliban da aka yi a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri ranar 17 ga Yunin 2021 kuwa, babu uban da ke son ɗansa ya daɗe a makaranta bayan jama'a sun watse. Don haka a sanya ƙarin darasi na dindindin a cikin awoyin makaranta, tun da azuzuwan nan zaune suke babu malami a lokacin, na bita kuma a yi shi da zarar an sallaci azahar ko da hantsin Asabar, a tashi kafin la'asar.

Abu na ƙarshe, wanda in babu shi duk sauran aikin banza ne, shi ne biya a kan kari. A rufe rajista a ƙarshen wata, ta isa ofishin shiyya a cikin makon farko, ladan ya fito tare da albashin watan da ke biye. Malamai ba su manta ba cewa a ranar malamai ta duniya, 5 ga Oktoban 2020, gwamnatin tarayya ta yi shelar tsarin albashi na musamman da alawus na masu aiki a karkara da na masu koyar da kimiyya, kuma irin jiran da ya biyo bayan wannan shela ya koya musu kada su yi murna da abin da bai shiga hannu ba. Idan ladan ƙarin darasi ya zama bashin da ake bi wata shida, malami zai koma ga kuɗin iyaye, domin shi ko kaɗan ne a hannu yake zuwa, sai a wayi gari ana biya sau biyu a kan darasi ɗaya. Saboda haka ranar da hukuma ta fara biya, ranar ce ya kamata a haramta karɓar ko sisin kwabo daga ɗalibi da sunan lesin a makarantun gwamnati, ba kafin nan ba.

Roƙona gare ka, ranka ya daɗe, shi ne ka umarci ma'aikatar ilimi ta jarraba wannan tsari na shekarar karatu guda a sakandaren Yauri da Ngaski da Shanga, a fannonin lissafi da Turanci da kimiyya, da haddi rubutacce, da farashi sananne, da rajista da ake dubawa, da layinsa a takardar albashi, sannan a ƙarshen shekara a ajiye abin da aka kashe kusa da abin da yara suka ci a jarrabawa, a yi hukunci da abin da aka gani. Allah ya taimake ka, ya yi maka jagora, ya sa ka gama lafiya. Wassalam.

Naka mai biyayya,
Wani tsohon malamin makaranta,
Yelwa, Yauri.